Gidan Band A ko gidan Band C: yadda za ka lissafa yunit ɗinka kafin ka biya kuɗin haya

Mai neman gidan haya a Kano ko Kaduna yanzu ba ya tsayawa a tambayar ɗaki nawa ne, akwai ruwa ko babu. Sai ya tambayi dillali unguwar a wane Band take. Amsar da ya samu takan sa shi yanke hukunci nan take: wani da jin Band A sai ya juya, ya ce wutar masu kuɗi ce, wani kuma da jin Band C sai ya ce ba zai zauna a duhu ba. Dukkansu biyun ba su yi lissafi ba, alhali lissafin bai fi na minti goma da biro da bayan ambulan ba. Kuma amsar da ke fitowa ta gidan Malam Wane daban, ta maƙwabcinsa daban, saboda ta dogara ne ga kayan da kowa yake kunnawa da kuma abin da yake yi idan an ɗauke wuta.

Tsarin kansa ba shi da wuyar fahimta. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kasa masu shan wuta kashi biyar bisa yawan awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: Band A aƙalla awa 20, Band B awa 16, Band C awa 12, Band D awa 8, Band E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauke shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yulin shekarar. Sauran rukunan aka bar su a tsohon farashi mai tallafi, wanda ya bambanta daga wannan kamfanin raba wuta zuwa wancan, na KEDCO daban, na Kaduna Electric daban, na JED da YEDC da AEDC kowa da nasa. Ba kai ke zaɓen rukuninka ba, layin da ke kawo wa taransifomar unguwarku wuta shi ke zaɓa maka. Shi ya sa ranar da ka zaɓi gida, a ranar ka zaɓi farashin wutarka.

Farashin da aka sanar ba shi ne wanda za ka yi lissafi da shi ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kai, don haka naira 209.50 tana komawa kusan naira 225 a aljihunka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki rasit ɗin sayen wuta na baya-bayan nan, ka raba kuɗin da aka biya da yawan yunit ɗin da aka samu. Idan an biya naira 10,000 aka samu yunit 44 da ɗoriya, to yunit ɗaya ya tsaya a naira 225. A wannan rubutu zan yi amfani da 225 ɗin a matsayin na Band A, sannan in ɗauki naira 55 har da haraji a matsayin misalin Band C, wato naira 10,000 tana ba da yunit kusan 182. Kai ka cire nawa ka sa abin da rasit ɗinka ya nuna.

Yunit ɗin da mita ke cirewa shi ne wanda aka rubuta kWh a fuskarta. Ma'anarsa abu mai jan wat 1,000 ya yi awa ɗaya a kunne, ko mai jan wat 100 ya yi awa 10. Kowane kayan wuta yana da ɗan tambari a bayansa ko a ƙasansa da aka rubuta lamba da harafin W, wannan ne ƙarfin da yake ja. Lissafin shi ne:

```
wat × awanni a rana × 30 ÷ 1000 = yunit a wata
```

Bari mu ɗauki gida mai ɗaki uku, miji da mata da yara, babu esi, girki da gas ake yi. Idan suna Band A, wuta tana nan kusan duk lokacin da suke buƙata, to ga yadda watansu zai kasance a lokacin zafi. Ƙwai 8 na zamani masu wat 10, awa 6 kowane dare, sun ci yunit 14. Talabijin da dikoda, a haɗe wat 90, awa 6, yunit 16. Cajin wayoyi da fitilu da ƙananan abubuwa, a ba su yunit 5. Dutsen guga mai wat 1,000 da ake sa wa awa 3 a mako, yunit 12. Injin jan ruwa zuwa tanki, a ɗauke shi wat 1,000 yana aiki minti 40 a rana, yunit 20. Duk waɗannan a haɗe yunit 67 ne kawai.

Inda kuɗin yake shi ne fanka da firji. Fankar sama ta gama-gari tana jan kusan wat 75. Guda 3 suna juyawa awa 12 a rana sun ci yunit 81, wato sun fi duk abubuwan da na lissafa a sama a haɗe. Mutane da yawa suna bin yara da faɗa a kan ƙwan bayi da aka bari a kunne, alhali ƙwan nan ko ya kwana ya wuni wata guda kusan yunit 7 kawai zai ci, ga fanka tana ta juyawa a falon da babu kowa. Abin da ke cinye wuta sau da yawa ba mai ƙarfin ja ba ne, mai daɗewa a kunne ne.

Firji kuma yana buƙatar a yi masa lissafi na daban, domin injinsa ba ya aiki ba tsayawa. Yana tashi ya sanyaya, ya huta, ya sake tashi. Idan ka ninka wat ɗinsa da awa 20 za ka samu lambar da ta wuce gaskiya. Firji matsakaici mai wat 150 da robar ƙofarsa ke kamawa da kyau, a ɗauka yana aiki rabin lokacin, awa 10 ke nan, yunit 45 a wata. A tsananin zafin Afrilu da Mayu, ko idan yara suna buɗe shi kowane lokaci don ruwan sanyi, zai haura haka. Tsohon firjin da robarsa ta saki kuwa injinsa kusan ba ya hutawa, yana iya ninka wannan lambar.

Jimillar gidan nan yunit 193. A farashin Band A, naira 43,425 a wata.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki 193 ɗin a ninka da 55 a ce ga kuɗin Band C. Ba haka ba ne, saboda a Band C wutar ba ta zama tsawon da za a sha yunit 193. Idan awa 12 ake samu, kuma ba lallai a awannin da kake so ba, ƙwai za su sauka zuwa kamar yunit 8, talabijin 11, fankoki da suka samu awa 7 su ci 47. Guga da jan ruwa da caji ba sa raguwa, domin jiran wutar ake yi a yi su da zarar ta zo, suna nan a 12 da 20 da 5. Firji ma bai cika raguwa ba: duk lokacin da aka dawo da wuta ya tarar da cikinsa ya huce, sai injin ya yi ta aiki ba hutu don ya kamo sanyin, don haka a ba shi yunit 40. Jimilla 143, a naira 55 ya kama naira 7,865.

Tazarar tana da girma, naira 35,560 kowane wata, sama da naira 400,000 a shekara. Idan a nan aka tsaya, babu ma abin kwatantawa. Amma tambayar da ke raba gardama ita ce me gidan yake yi a awannin da babu wuta.

Idan iyalin suna fitowa tsakar gida su shimfiɗa tabarma, a kunna fitila mai caji da ƙaramar fanka mai caji, a haƙura har a kawo, to Band C ya fi musu nesa ba kusa ba, kuma kada wani ya ruɗe su da maganar awa 20. Idan kuma gida ne da ake tayar da janareta da an yi sallar isha, to sai a sa kuɗin mai a cikin lissafi. Ƙaramin janareta da zai ɗauki fankoki 3 da ƙwai da talabijin, kusan wat 400, yana shan wajen rabin lita a awa. Mu ɗauki litar fetur a naira 900 don misali: awa ɗaya naira 450, kuma abin da ya ba ka a awar bai kai rabin yunit ba. Wato yunit ɗin janareta ya haura naira 1,100, ninki biyar na Band A. Awa 3 kowane dare lita 45 ce a wata, naira 40,500. Haɗa da kuɗin mita, gidan Band C ya kashe naira 48,365, ya wuce gidan Band A da kusan naira 5,000, ba a sa baƙin mai da fulogi da kuɗin mai gyara ba, ba a sa ƙara da hayaƙi ba, kuma firjin bai samu komai daga janaretan ba.

Daga nan za ka iya fitar da iyakar da ta shafe ka. Raba tazarar nan ta naira 35,560 da naira 450 na awar janareta, za ka samu awa 79 a wata, wato kusan awa biyu da minti 40 a rana. Gidan da janaretansa ke aiki ƙasa da haka, Band C ya fi masa sauƙi. Wanda ke wuce haka, musamman mai babban janareta da ke shan lita guda ko fiye a awa, Band A ne rangwame a gare shi ko da rasit ɗin yana ba shi tsoro. Mai ɗinki da keken lantarki a gida, ko matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kusan kullum suna wannan ɓangare na biyu, domin wutar da ba ta zo ba ita ce asararsu.

Duk wannan lissafin gidan da ba shi da kayan zafi da na sanyi masu nauyi ne. Da zarar esi ya shigo, magana ta canza. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin na da, yana jan wajen wat 1,200 idan injinsa na aiki. Ka kunna shi awa 8 a dare, injin yana aiki kamar kashi 70 cikin ɗari na lokacin, ka sha yunit kusan 200 a wata daga ɗaki ɗaya tak. A Band A naira 45,000 ke nan, fiye da kuɗin sauran gidan gaba ɗaya. A Band C yunit 200 naira 11,000 ne, in har wutar ta zo da dare kuma ta zo da ƙarfin da zai tayar da shi. Saboda haka wanda ya saba kwana da esi a unguwar wuta mai araha, idan zai koma Band A, ya san kuɗin wutarsa zai ninka sau huɗu a kan wannan na'ura kaɗai. A nan ne esi mai inbata yake biyan kuɗinsa, saboda yana rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi. Sai dai ragin yana fitowa ne a ɗakin da ke rufe ruf kuma aka saita sanyin a 25 ko 26. Wanda ya sa shi a 16 ya bar taga tana shan iska, injin ba zai taɓa samun damar sassautawa ba. A Band C kuwa, ragin da za ka samu a wata kaɗan ne, zai ɗauki shekaru kafin ya mayar maka da bambancin kuɗin saye.

Girki ma haka yake, kuma shi ne wurin da na fi ganin ana asarar kuɗi ba a sani ba. Rishon lantarki mai wat 1,500, awa 2 a rana, yunit 90 ne a wata: naira 20,250 a Band A, naira 4,950 a Band C. Idan aka duba zafin da ke isa tukunya a zahiri, kilo ɗaya na gas yana yin aikin yunit kusan 9 na irin wannan risho. Don haka raba farashin kilon gas da 9, ka kwatanta da farashin yunit ɗinka. Idan kilo yana naira 1,200 misali, ya zama naira 133. Ya fi 225 sauƙi, ya fi 55 tsada. A gidan Band A a dafa da gas, a gidan Band C kuwa uwargida da ke ɗora wake ko ganda a kan lantarki idan an kawo wuta tana da gaskiya, dabararta tana rage kuɗi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗauko al'adar wancan gida a kai ta wannan.

Kasafin wata ɗaya kuma ba ya yi wa shekara duka. Da hunturu fankoki suna tsayawa, yunit 81 ɗin nan ya tafi, sai mutum ya zaci zai huta. Amma hitar ruwan wanka tana maye gurbinsu. Ɗumama bokiti mai lita 20 daga sanyin safiya zuwa yadda za a yi wanka da shi yana cin wajen yunit 0.6. Gida mai mutum biyar, bokiti 5 a rana, yunit 3 ke nan, 90 a wata. Idan ana barin hitar har ruwan ya tafasa sannan a sirka, ko a manta da ita a ciki, abin ya wuce haka. Watannin da kuɗin wuta ke sauka da gaske su ne na tsakiyar damina, da ɗan tsakanin nan da sanyi bai kankama ba kuma zafi ya lafa. Mai albashi zai fi samun nutsuwa idan ya yi lissafi uku, na bazara, na damina, na hunturu. Yunit ɗin da aka riga aka loda ba ya lalacewa kuma ba ya raguwa idan farashi ya tashi, don haka rarar watan sauƙi tana iya zama a mita ta jira watan zafi.

Lissafin takarda kimantawa ce, mita ce ke da maganar ƙarshe. Idan kana cikin gidan, rubuta yunit ɗin da ya rage da safe, ka sake dubawa washegari a daidai wannan lokaci, ka yi haka mako guda, ka fitar da matsakaicin rana ka ninka da 30. Gidan misalinmu a Band A ya kamata ya riƙa cin yunit 6 zuwa 7 a rana. Idan kana son sanin abin da na'ura ɗaya ke ja, kashe komai ka bar ta ita kaɗai awa guda ka ga nawa ya sauka. Firji da firiza a ba su awanni da yawa, saboda hutun da suke yi. Idan jikin mitar yana inda za ka gan shi, akwai ɗan jan haske da ke ƙiftawa, kusa da shi an rubuta lamba kamar 1000 imp/kWh. A mita mai wannan lamba, ƙirga ƙiftawar minti ɗaya ka ninka da 60, ka samu wat ɗin da gidan ke ja a lokacin. Ƙiftawa 20 a minti wat 1,200 ne.

Idan abin da mita ke ci ya zarce lissafinka da nisa, kada ka fara da cewa mitar gudu take yi. Kashe duk makunnai, zare duk abin da ke jikin soket, ka duba. Idan hasken ya ci gaba da ƙiftawa ko yunit ya ci gaba da sauka, to ko wuta tana zurarewa ta wata waya da ta ɗan ƙone a bango, ko kuma akwai wani ɗaki ko shago ko injin ruwan gidan gaba ɗaya da aka haɗa a layinka. Wannan na biyun ya zama ruwan dare a gidajen da aka raba mita bayan an riga an yi wayarin tun gini. Mai gyaran wuta na kirki zai gano shi cikin ɗan lokaci. Idan kuwa mitar ta tsaya cik da aka kashe komai, to ɓarawon yana cikin kayanka, kuma ka fara zargin tsohuwar firiza, hitar bayi ta bango da ake bari a kunne, da inbatar gida mai cajin manyan batura, wadda kullum abin da take sha ya fi abin da take mayarwa.

Akwai kuma inda matsalar ba a shan wutar take ba, a sayen take. Ka biya naira 10,000 a gidan Band A ka ga yunit 30 maimakon 44, to akwai yiwuwar ana cire tsohon bashi da ke kan asusun mitar duk lokacin da aka saya. Bashin yana bin asusun gidan ne, sabon ɗan haya yana iya tarar da na wanda ya tashi. Wannan ya sa kafin ka ba da kuɗin haya, ka nemi mai gida ya nuna maka rasit biyu ko uku na baya-bayan nan. A jikinsu za ka ga rukunin da mitar take, farashin yunit, da ko ana cire wani abu. Idan akwai bashi, a yi maganar wanda zai biya a rubuce tun kafin ka kwashe kaya.

Sannan ka bincika ko awannin da aka rubuta su ne ake samu. Farashi yana bin sunan rukunin, amma wuta tana bin lafiyar layi da taransifoma. Unguwar da ke Band A a takarda tana samun awa 13 a zahiri ita ce mafi munin zaɓi, domin za ka sayi yunit a 225 kuma ka sayi fetur. Ƙa'idar NERC ta tanadi a sauke layin da ya kasa cika awanninsa zuwa rukunin ƙasa, kuma mazauna suna da damar kai ƙara wurin kamfanin, in ba a saurare su ba su wuce ofishin sauraron ƙorafi na hukumar. Amma wannan hanya ce mai ɗaukar lokaci, gara ka sani tun kana waje. Kada ka tambayi dillali. Tambayi mai sayar da ruwan sanyi a bakin layin, ko mai cajin waya, ko mai walda, su ne suke ƙirga awannin wuta saboda abincinsu na ciki. Tambaye su awa nawa ake samu, da rana ne ko da dare, kuma tana zuwa da ƙarfi ko sai an sa sitabilaiza. Band C da ke ba da awa 12 ɗinsa daga magariba zuwa asuba ya fi wa ma'aikacin da ke wuni a waje amfani fiye da yadda sunansa ya nuna, domin janaretansa ba zai tashi ba sam. Wanda ke ba da su daga safe zuwa la'asar kuma ya dace da mai sana'a a gida, amma zai sa magidanci sayen mai kowane dare, kuma a lissafin da muka yi, awanni uku-ukun nan na dare ne suke mayar da gidan naira 7,865 ya zama na naira 48,365.